CT mai 5P10 da waya mita 120: me ya sa difarenshiyal ya fitar da taransifoma a folt ɗin da ba nata ba?

Sabo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawara kan wata taransifoma mai 15 MVA, 33/11 kV, haɗin Dyn11, imfidans ɗinta kashi 10 cikin ɗari. An samu folt na fes uku a kan fida ta 11 kV, kusa sosai da tasha. Maimakon birekar fidar ta fita ita kaɗai, sai rilen difarenshiyal, mai kwatanta karant ɗin da ya shiga taransifoma da wanda ya fita, ya riga ta, ya fitar da taransifomar gaba ɗaya. An gwada mai, an gwada insuleshan, lafiyarta ƙalau. CT, wato taransifomar karant da ke rage karant don rile ya iya auna shi, na ɓangaren 33 kV yana waje a fili, 400/5, 5P10, 15 VA, wayarsa zuwa fanel mita 120 ce, mai kauri 2.5 mm². Na ɓangaren 11 kV yana cikin ɗaki, 1000/5, 5P20, 15 VA, wayarsa ba ta wuce mita 8 ba. Rilen na zamani ne. A rikodin da ya ajiye, igiyar karant ta ɓangaren 11 kV ta fito sumul, amma ta 33 kV a fes ɗaya tana hawa daidai sai ta karye ta faɗo kafin rabin zagaye ya cika. Ina zargin CT, amma ina so in je gaban shugabannina da lissafi a hannu.

Auwalu: Wa alaikumus salam Malam Sabo. Ai magana a fili take, 15 VA ya yi kaɗan. Ku sayo mai 30 VA ku huta. Kuma kafin nan ka ɗaga sulof na biyu a saitin rilen, wato yawan bambancin da zai jure a babban karant kafin ya yi tirif, ba zai ƙara damunka ba.

Injiniya Habu: Wa alaikumus salam. Malam Sabo, kafin a kai ga saye, ba ni abu biyu. Turjiyar nadin sakandare na CT ɗin 33 kV, wato Rct da ke takardar gwajinsa, sannan ka duba rikodin ka gaya mini: bambancin karant ɗin da rilen ya gani, tare da folt ya fara, ko sai bayan ɗan lokaci?

Sabo: Ranka ya daɗe, takardar ta ce om 0.2 a zafin digiri 75. Bambancin kuwa bai fara tare da folt ba. Akwai wajen milisakan shida ko bakwai da babu komai, sannan ya yi tsalle sama, ya riƙa raguwa zagaye bayan zagaye.

Injiniya Habu: To wannan tazarar ita ce shaidarka ta farko. Da folt ɗin a cikin taransifoma yake, bambancin zai tashi tare da karant ɗin, ba zai jira ba. Jiran nan shi ne lokacin da ƙarfen zoben CT ɗin ya ɗauka kafin ya ƙoshi da maganaɗisu. Kamar tulu ne da ake ɗurawa ruwa, kafin ya cika ba ka ganin komai a ƙasa, da zarar ya cika duk abin da aka ƙara zubewa yake. Da ƙarfen ya ƙoshi, karant na firamare yana nan yana wucewa amma sakandare ya daina kwaikwayonsa, sai rilen ya ga kamar wuta ta shiga ba ta fita ba.

Bari mu yi lissafin a hankali. Rubutun 5P10, 15 VA alkawari ne mai sharaɗi. Yana cewa har ninki goma na karant ɗinsa kuskure ba zai wuce kashi 5 cikin ɗari ba, muddin nauyin da ke waje bai wuce 15 VA ba. A amfa 5, 15 VA daidai yake da om 0.6, domin 15 a raba da 25. Saboda haka iyakar boltej ɗin da zoben zai iya haifarwa a cikinsa shi ne:

```
E = 10 × 5 × (0.2 + 0.6) = 40 V
```

Bolt 40 ɗin nan shi ne jarin zoben gaba ɗaya. Duk abin da aka ɗora masa daga cikinsa zai biya.

Yanzu wayarka. Jan ƙarfe mai 2.5 mm² yana da om 7.41 a kowace kilomita a digiri 20. Mita 120 ta ba da om 0.89, in aka kai ta digiri 75 kamar yadda aka saba a lissafi ta zama 1.08. Rilen zamani a amfa 5 bai wuce kamar om 0.02 ba. Ka lura, wayar ita kaɗai, tafiya ɗaya ba tare da dawowa ba, ta kusa ninka om 0.6 ɗin da aka yi alkawari a kansa.

Cikakken lodin taransifomar a 33 kV amfa 262 ne. Da imfidans kashi 10, mafi girman abin da zai ratsa ta ninki goma ne, amfa 2620. A raba da 80, wato rashiyon 400/5 na CT ɗin, sakandare zai so ya ba da amfa 32.8.

```
V = 32.8 × (0.2 + 1.08 + 0.02) = 43 V
```

Ana bukatar 43, akwai 40. Kuma wannan a kan igiya mai tsabta ce, ba mu taɓa maganar DC ba tukuna.

Auwalu: Injiniya, da izininka, ai waya zuwa da dawowa ake lissafawa. Mu 2RL muka sani. In haka ne om 2.16 ne, ba 1.08 ba, bukatar ta zama kusan bolt 78.

Injiniya Habu: Kana da gaskiya a inda karant ke dawowa ta wayar nutural, Auwalu. In folt na fes ɗaya zuwa ƙasa ne a ɓangaren da CT ɗin yake, karant zai je ta wayar fes ya dawo ta nutural, dole a ninka. Amma a folt na fes uku da ya daidaita, karant ukun suna haɗuwa su kashe juna a mahaɗa, nutural ba ta ɗaukar komai, kowane CT tafiya ɗaya yake gani. Ga kuma wani abu game da taransifomar Malam Sabo: ɓangaren 33 kV delta ne. Ko da folt ɗin 11 kV na fes ɗaya ne zuwa ƙasa, a 33 kV zai bayyana a fes biyu, ɗaya na shiga ɗaya na fita daidai wa daida, nutural ɗin CT dai babu komai. Don haka ga folt mai ratsawa, 1.08 ne. Ga folt zuwa ƙasa a kan 33 kV ɗin kansa, tsakanin CT da taransifoma, nan ne 2.16 ɗinka ke aiki. In za ka rubuta odar sabon CT, ɗauki mafi muni, ba zan hana ka ba. In kuwa kana binciken abin da ya riga ya faru, yi amfani da wanda ya dace da folt ɗin.

Nura: Yallaɓai ni ɗalibi ne a wannan fanni, a yi mini haƙuri. In 43 ne da 40, ai bambancin kaɗan ne. Kuskuren kashi biyar ko goma bai kamata ya sa rile mai sulof ya yi tirif ba, ko?

Injiniya Habu: Tambaya ce mai kyau Nura, kuma nan ne gundarin maganar. Da igiyar tsabtatacciya ce, da rilen ya shanye wannan ɗan kuskuren. Amma folt ba ya zaɓen lokacin faruwa. In ya faɗo lokacin da boltej ke kusa da sifili, karant ɗin yana fitowa a karkace gefe ɗaya, yana ɗauke da DC da ke mutuwa sannu a hankali. Maganaɗisun da ke cikin ƙarfe yana bin tarin boltej ne a tsawon lokaci. A igiya mai tsabta, rabin sama ya tara, rabin ƙasa ya kwashe. In akwai DC, abin da ake tarawa ya fi abin da ake kwashewa, sai ya riƙa hawa kan na baya.

Yawan hawan ya dogara da X/R na da'irar, wato riyaktans ɗinta a raba da turjiyarta. Mu ɗauka 15 ne a wurin Malam Sabo, shi zai tabbatar daga nasa lissafin. A 50 Hz, lokacin mutuwar DC ɗin 15 ne a raba da 314, kusan milisakan 48. In kana so zoben kada ya ƙoshi ko kaɗan, sai ka ninka bukatarka da 1 + X/R, wato 16. Bolt 43 sau 16 ya kusa 690. Ba kasafai ake sayen irin wannan ba a wannan matakin, girmansa da tsadarsa ba su da dalili. Abin da ake yi shi ne a tambayi rilen: milisakan nawa kake bukata na igiya mai gaskiya kafin ka gane folt ɗin na waje ne?

```
Ktd = 1 + (X/R) × (1 − e^(−t/Tp))
```

A nan Ktd shi ne ninkin da ake bukata, t lokacin da rilen ke nema, Tp kuma lokacin mutuwar DC ɗin. Da wannan, milisakan 10 na bukatar ninki kusan 3.8, milisakan 20 kuma kusan 6.1. Zoben Malam Sabo ko ninki ɗaya bai cika ba, shi ya sa ya karye tun a rabin zagayen farko. Ka kwatanta da ɗan'uwansa na 11 kV. In muka ɗauki Rct ɗinsa om 0.4, jarinsa bolt 100 ne, bukatarsa a amfa 39 kusan bolt 19. Ninki biyar ke nan. Ɗaya ya faɗi, ɗaya yana tsaye, difarenshiyal kuwa abin da ya fi cutar da shi ke nan. Da a ce tare suka ƙoshi ma da sauƙi.

Danladi: Salam. Mu ma mun taɓa ganin irin wannan, amma namu rilen obakarant ne ya ƙi fita da wuri, sai na sama ya fitar da layin duka. Da aka bi wayoyi sai aka tarar mai haɗawa ya ɗora rilen a kan 1S1 da 1S2, mita kuma a kan 2S1 da 2S2, alhali zoben farko shi ne na mita, 0.5 FS5. Malam Sabo ka je ka duba, ina kyautata zaton naka ma haka ne.

Sabo: Na gode Malam Danladi. Na duba tun farko, a kan zoben kariya yake. Farantin da zanen sun yi daidai.

Injiniya Binta: Malam Danladi ya kawo abin lura ko da ba shi ne na nan ba, domin zoben mita da gangan aka yi shi ya ƙoshi da wuri don ya kare mitar, ka ga ba abin ɗora wa rile ba ne. Amma Malam Sabo, kada ka tsaya ga faranti da zane. Ni dai sai na auna. Duk lissafin da Injiniya Habu ya yi a kan takarda ne, kuma abu biyu ne ke iya sa gaskiyar ta fi haka muni.

Na farko nauyin waje. Bayan an kashe layin an ɗaure shi da ƙasa, cire wayoyin daga bakin CT ɗin, ka tura amfa 5 daga nan zuwa fanel ka auna boltej. Abin da ka samu a raba da biyar shi ne nauyinka na gaskiya, da waya, da tasha-tashan haɗi, da bulok ɗin gwaji, duka. Sau da yawa za ka tarar da sukurun da bai ɗauru ba ko haɗin da ya yi tsatsa a akwatin waje, ya ƙara maka rabin om babu wanda ya sani. A da'irar amfa 5 rabin om ba ƙaramin abu ba ne, a lissafinmu na sama bolt 16 ne.

Na biyu gwiwar zoben. A bar firamare a buɗe, a riƙa ɗaga boltej a sakandare da bariyak ana rubuta karant ɗin da yake sha. Da farko karant ɗin miliamfa ne yana hawa a hankali. Inda ƙarin boltej na kashi 10 ya jawo ƙarin karant na kashi 50, nan ce gwiwa a ƙa'idar IEC 61869-2. Kada ka yi mamaki in ka same ta ƙasa da bolt 40, kamar talatin da ɗoriya, domin iyakar 5P tana ɗan gaba da gwiwa, ba abu ɗaya ba ne. Gwada fes ukun ka ɗora zanensu a kan juna. In ɗaya ya karye tun da wuri yana shan karant fiye da sauran, akwai yiwuwar nadi ya haɗe a ciki. In ka gama, sauko da boltej ɗin a hankali har sifili, kada ka yanke shi farat ɗaya. Haka nan in ka auna Rct da DC, sai ka wanke maganaɗisun da ya bari kafin a mayar da shi aiki.

Nura, kai da kake koyo: duk wannan a kan layin da aka kashe ne. Sakandaren CT ba a buɗe shi alhali firamare na ɗauke da karant, boltej ɗin da zai tashi a bakinsa yana iya kisa.

Nura: Na riƙe, Hajiya. Allah Ya saka da alheri.

Auwalu: To ai duk mun dawo kan maganata ke nan. Zoben ya yi ƙanƙanta, a sayo 30 VA.

Injiniya Habu: Mu gwada shi mu gani. 30 VA a amfa 5 om 1.2 ne. In Rct ɗinsa ya zama kamar 0.3, jarinsa 10 × 5 × 1.5, bolt 75. Bukatar kuma ta zama kusan 46. Ko ninki biyu ba ka samu ba, bayan ka biya kuɗin ƙarfe kusan biyu. Haka in aka bar CT ɗin aka ninka wayar, aka haɗa ƙwaya biyu a kowane fes: 1.08 ta koma 0.54, bukatar ta sauko bolt 25, ninki 1.6. Taimako ne, kuma in akwai ƙwayoyin da ba a amfani da su a kebul ɗin ana iya yinsa a yini ɗaya, amma bai kai ba.

Matsalar ita ce amfa 5 a kan mita 120. Ɗauki ƙarfen nan ɗaya, a yi masa nadi 400 maimakon 80, ya zama 400/1. Nadi ya ninku biyar, boltej ɗin da zai iya bayarwa ya ninku biyar, bolt 200. Rct zai hau sosai, kusan ninki 25 in wurin nadin bai canza ba, mu ce om 5. Amma karant ɗin sakandare a folt ɗin ya sauko amfa 6.55.

```
V = 6.55 × (5 + 1.08 + 0.1) = 40.5 V
```

Bukata 40.5, jari 200, kusan ninki biyar, da ƙarfe iri ɗaya da waya iri ɗaya. Ya zo daidai da ɗan'uwansa na 11 kV. Wayar da ta cinye kashi huɗu cikin biyar na boltej ɗin a da, yanzu ko kashi ɗaya cikin biyar ba ta ci ba.

Ni da ni ne mai rubuta odar, ba zan rubuta VA ba sam. Zan nemi ajin PX, in faɗi rashiyo, in faɗi mafi ƙarancin Vk, wato boltej ɗin gwiwa, mafi yawan Rct a digiri 75, da mafi yawan karant ɗin da zai sha a gwiwa. Dalili kuwa, masana'anta biyu za su iya ba ka 5P20, 15 VA da Rct daban-daban, halinsu a kan wayarka ba zai zama ɗaya ba. Adadin Vk ɗin kuma ba daga kaina zan ƙago shi ba. Littafin rilen yana da nasa sharaɗin CT, wanda masu ƙera shi suka fitar daga gwajinsu, shi za a bi. In sharaɗin ya zo kusa da ninki shida, 40.5 sau 6.1 ya ba da kusan bolt 250.

Sabo: Wannan ya fito mini sarai. Rilen yana karɓar 1 A da 5 A, canjin saiti ne da tasha kawai. Amma sabon CT sai an yi watanni. Maganar sulof ɗin da Auwalu ya kawo fa, in yi ta kafin nan?

Injiniya Habu: Kana iya yi a matsayin na wucin gadi, tare da ninka wayar, amma ka san abin da kake biya. Sulof mai tsayi yana rage wa rilen ji a folt na cikin gida lokacin da babban karant ke ratsawa. Kuma akwai abin da ya fi damuna. In folt ya faru a bakin taransifomar ta ɓangaren 33 kV, imfidans ɗinta ba ya rage shi. In ƙarfin folt a bas ɗinka amfa 10,000 ne misali, sakandare zai so ya ba da amfa 125, zoben mai bolt 40 zai ƙoshi nan take. Igiyar da ta karye haka cike take da hamonik na biyu, irin wanda rilen ke ɗauka alamar kunna taransifoma ce ya riƙe hannunsa. Sai ya yi jinkiri a daidai inda ake son sauri. Don haka ka tabbatar matakin sama na difarenshiyal, wanda hamonik ba ya hanawa, yana kunne, an saita shi sama da karant na kunnawa da na folt mai ratsawa.

Injiniya Binta: Ni ina da ja a kan PX ɗin, Injiniya. Zobe ne rufaffe marar tsaga, yana iya riƙe ragowar maganaɗisu har wajen kashi 80 bayan an yanke babban folt, kuma karant na lodi ba ya wanke ta. In fidojin 11 kV ɗin suna da mai sake rufewa da kansa, folt na biyu zai iske ƙarfen da kaya a cikinsa. In alkiblar ta zo ɗaya, ninki shidan nan ya koma kaɗan. Me zai hana a nemi PR ko PXR, zobe mai tsaga wanda ragowarsa ba ta wuce kashi 10?

Injiniya Habu: Ban musa lissafin ba, Hajiya. Abin da ya sa nake ɗari-ɗari, tsagar tana ƙara karant ɗin da zoben ke sha, kuma na 11 kV rufaffe ne zai ci gaba da zama. Haɗa mai tsaga da marar tsaga a difarenshiyal ɗaya yana kawo nasa bambancin lokacin da DC ke mutuwa da kuma bayan an yanke folt. In za a canza ɓangarorin biyu, ina tare da ke. In ɗaya ne, na fi son su yi kama da juna.

Injiniya Binta: Wasu masu ƙera rile sun riga sun sa ragowar a cikin sharaɗinsu, wasu kuma sun bar wa mai lissafi ya ƙara da kansa. Malam Sabo, ka duba littafin naka ka ga wanne ne, sannan ka gaya mana ko fidojin suna sake rufewa da kansu.

Sabo: Biyu daga cikinsu suna yi, har da wadda folt ɗin ya faru a kanta. Amma wannan tirif ɗin a bugun farko ne, ba a kai ga sake rufewa ba. Shafin sharaɗin CT ɗin zan ɗauko hotonsa in turo, tare da sakamakon gwiwa na fes ukun da zarar an ba mu izinin kashe layin.